Ledar Fiya Wata Nawa Ake Sha a Kano Kullum? Yadda Ake Amsa Tambayar Ƙiyasi a Intabiyu

Wanda ya nemi aikin nazarin kasuwanci a manyan kamfanonin ba da shawara irin su McKinsey da BCG da Bain, ko a wasu bankuna da kamfanonin sadarwa, akwai wata tambaya da ke jiransa wadda babu ita a littafin makaranta. Bayan an gaisa, an ɗan duba takardunsa, sai mai intabiyu ya miƙo masa farar takarda da biro ya ce: "Ƙiyasta mana, ledar fiya wata nawa ake sayarwa a birnin Kano a rana ɗaya?" Babu waya, sau da yawa babu kalkuleta, kuma lokacin da za a ba shi bai wuce 'yan mintuna ba.

Mutane da yawa a nan suke faɗuwa, kuma faɗuwar iri biyu ce. Wani ya ce bai sani ba, ai ba a ba shi alƙaluma ba. Wani kuma ya ɗaga kai sama, ya ɗan yi shiru, ya ce "miliyan goma." Dukansu sun ɗauka ana neman wata lamba ce da ke ɓoye a aljihun mai tambaya. Shi kuwa mai tambayar galibi bai san amsar ba, kuma bai damu da ita sosai ba. So yake ya ga yadda mutum zai ɗauki abin da ba a sani ba ya farfasa shi zuwa ƙananan abubuwan da za a iya kintata, ya haɗa su ba tare da ya ɓata lissafi ba, sannan ya iya nuna da yatsa inda lissafin nasa ya fi rauni. Aikin da za a ɗauke shi ya yi ke nan. Mai kuɗi ne zai zo yana son kafa masana'anta ko shiga wani gari da hajarsa, ya tambayi girman kasuwar, kuma a ƙasashenmu ba kasafai ake samun amsar a rubuce a wani ofishi ba.

Ana danganta wannan salon tunani da Enrico Fermi, masanin kimiyyar nan ɗan asalin Italiya da ya koma Amurka. Ranar 16 ga Yuli 1945, da aka gwada bam ɗin nukiliya na farko a jihar New Mexico, ya saki gutsattsarin takarda daidai lokacin da iskar fashewar ta iso inda yake, ya duba nisan da ta kai su, ya ƙiyasta ƙarfin bam ɗin da tan dubu 10 na nakiyar TNT. Awon da aka yi da na'urori daga baya ya nuna ya haura tan dubu 20. Wato ya kuskure da ninki biyu, amma bai kuskure da ninki goma ko ɗari ba, kuma da takarda kawai ya yi. Wannan shi ne ma'aunin da ake auna irin wannan amsa da shi: ta faɗo a kusa, kuma a san ta ina aka bi.

Mu koma ga fiya wata. Mu ɗauka wata ce da ta gama karatun tattalin arziki take zaune gaban mai intabiyu, mu bi ta a hankali.

Abu na farko da za ta yi shi ne ta mayar da tambaya. "Ranka ya daɗe, birnin Kano ake nufi ko jihar gaba ɗaya? Ruwan leda kaɗai, ko har da na gora? Kuma yawan leda ake so, ko kuɗin da ake kashewa?" Wannan ba kame-kame ba ne. Jihar Kano tana da ƙananan hukumomi 44, birnin kuwa ana lissafa shi da takwas: Dala, Fagge, Gwale, Birni, Nassarawa, Tarauni, Kumbotso da Ungogo. Wanda ya lissafa jiha alhali birni ake so, ya ninka amsarsa tun kafin ya fara. Mu ce an amsa mata: birni, ruwan leda, yawan leda tukuna, kuɗi daga baya. Sai ta faɗi hanyar da za ta bi kafin ta taɓa lamba ko ɗaya: za ta fara da yawan jama'a, ta raba su bisa yadda suke samun ruwan sha, ta kintaci abin da kowane rukuni ke sha a rana, ta haɗa, sannan ta gwada amsar ta ɓangaren masu yin ruwan. Faɗin hanyar tun farko yana ba mai tambaya damar tsayar da ita idan ta nufi daji.

Yawan jama'a shi ne tushe, kuma a Najeriya tushen kansa ƙiyasi ne, domin rabon ƙasar da ƙidaya tun 2006. A waccan ƙidayar jihar Kano ta tashi da mutum miliyan 9.4, ƙananan hukumomin birni takwas kuma wajen miliyan 2.8. Idan jama'a na ƙaruwa da kashi 3 cikin 100 a shekara, cikin shekara 20 za su ninka kusan sau 1.8, wato miliyan 2.8 ta zama kusan miliyan 5. Akwai ƙiyasin da ke kawo ƙasa da haka, wajen miliyan 4 da ɗoriya. Sai ta ce: "Zan ɗauki miliyan 5, don daga ƙidayar 2006 na samo ta, kuma ta fi sauƙin lissafi." Ba za ta ce miliyan 4.87 ba. Lamba mai tsawon jela a irin wannan wuri ƙaryar ilimi ce, tana nuna tabbacin da babu shi, kuma tana jawo kuskure wajen ninkawa.

Duk lambobin da za su biyo baya zato ne na mai amsa, ba alƙaluman wata hukuma ba, kuma dole ta riƙa faɗin hakan da bakinta, tana kawo dalilin kowanne.

Inda gwaninta take shi ne rabon jama'a. Mai gaggawa zai ce kowa yana shan leda biyu, ya ninka da miliyan 5, ya tashi. Amma wanda ya san Kano ya san mutane ba hanya ɗaya suke shan ruwa ba. Akwai gidajen da ruwan leda ne ruwan shansu dare da rana, ana sauke musu jaka-jaka, kowace jaka leda 20. Akwai gidajen da ke sha daga famfo ko burtsatse ko rijiya, ko su saya wurin 'yan garuwa, amma idan mai gida ya fita kasuwa, ko yaro ya tafi makaranta, ƙishi ya kama shi, sai ya sayi leda ɗaya ko biyu a hanya. Akwai kuma waɗanda kusan ba sa saye sam: jarirai, da tsofaffi da matan da ke wuni a gida inda randa take cike. Rabo mai kyau shi ne wanda kowane mutum ya faɗa rukuni ɗaya tak, kuma babu wanda aka bari a waje.

Rukunin farko ta ba shi kashi 20 cikin 100, wato mutum miliyan 1. Ledar fiya wata rabin lita ce. Babba zai iya shan lita biyu ko fiye a rana, yaro ƙarami bai kai haka ba, kuma yara suna da yawa a gidajenmu, don haka ta ɗauki lita ɗaya da rabi a matsayin tsaka-tsaki, leda uku ke nan. Miliyan 1 sau uku, leda miliyan 3.

Saura mutum miliyan 4. A cikinsu ta ɗauka miliyan 1.5 ne ke wuni a waje: 'yan kasuwa, leburori, masu adaidaita sahu, ma'aikata, ɗaliban da suka ɗan tasa. Ba kowa ke saye kullum ba, wani yana riƙe da gorarsa, wani akwai famfo a masallacin kusa da shagonsa. Ta ce biyu cikin uku suna saye, mutum miliyan 1, kowa leda biyu. Leda miliyan 2 ke nan. Sauran miliyan 2.5 ta ba su sifili, ta kuma faɗi cewa ta san sifilin ba cikakkiyar gaskiya ba ce, ta dai ƙyale shi ne don abin da zai ƙara kaɗan ne.

A nan mai amsa ta gari za ta dakata ta tambayi kanta wa ta manta. Kano gari ne na baƙi. Kullum mutane na shigowa Kantin Kwari da Singa da Dawanau da Sabon Gari daga wasu jihohi, har daga Nijar da Chadi, kuma ƙidaya ba ta san da su ba. Ga biki da suna da zaman makoki da walima, inda ake jibge jakunkunan ruwa ko da a gidan da ba a saba saye ba. Ba ta da hanyar ƙirga waɗannan ɗaya bayan ɗaya, sai ta ɗora kashi 10 cikin 100 a kan abin da ta samu. Miliyan 3 da miliyan 2, biyar, da ƙarin rabin miliyan: leda miliyan 5.5 a rana. A shekara, kusan leda biliyan 2.

Mafi yawan masu neman aiki a nan suke ajiye biro su yi murmushi. Rabin aikin kawai aka yi. Lambar da ba a gwada ba, ba a san ko tana tsaye da ƙafarta ba, kuma gwaji mafi sauƙi shi ne a mayar da ita abin da ido ya saba gani. Leda miliyan 5.5 a raba wa mutum miliyan 5, kowa ya samu leda ɗaya da ɗan ɗori a rana. Hankali zai iya ɗaukar wannan. Da ta fito leda 11 ga kowane mutum har da jariri, an san sifili ɗaya ya shigo ba da gayyata ba, kuma ƙari ko ragin sifili shi ne kuskuren da ya fi kowanne yawa a irin wannan zama. Shi ya sa gwanaye ke rubuta "miliyan 5" maimakon jera sifilai shida.

Gwaji na biyu ya fi nauyi: a zo ta ƙofar masu yin ruwan. Leda miliyan 5.5 jaka 275,000 ce. Injin ɗura ruwa a leda, irin wanda ƙananan masana'antu ke amfani da shi, yana fitar da wajen leda 2,000 a awa, wato jaka 100. Idan aka cire ɗaukewar wuta da gyara da canjin nadin leda, ta ɗauka yana aiki awa shida cikakku a rana, jaka 600. Masana'anta mai inji biyu za ta yi jaka 1,200. A raba 275,000 da 1,200, ana bukatar masana'anta wajen 230. Sai ta tambayi kanta: shin sunayen fiya wata daban-daban da nake gani a unguwannin Kano za su kai ɗari biyu? Duk wanda ya lura da ledojin da ke zube a bakin titi zai ce abin ba ya da nisa da hankali. Da lissafin ya ce ana bukatar masana'anta 20, ko 5,000, da ta san akwai ɓaraka a wani wuri.

Tana iya ƙarawa da nauyi. Jaka ɗaya lita 10 ce, kilo 10. Jaka 275,000 tan 2,750 ke nan na ruwa da ake zagayawa da shi a cikin gari kullum. Idan motar rabo na ɗaukar jaka 300 tana yin sahu uku a rana, mota wajen 300 ake bukata. Wannan ma bai saɓa wa abin da ake gani a titi ba. Hanyoyin nan ba su tabbatar da cewa miliyan 5.5 daidai ce ba. Abin da suka nuna shi ne amsar tana tsakanin miliyoyi 'yan kaɗan, ba dubu ɗari biyar ba ce, ba kuma miliyan hamsin ba.

Yanzu sai mai intabiyu ya ce, "To, a kuɗi fa?" Tarkon da ke nan shi ne farashi ba ɗaya ba ne. Mai sayen jaka yana samun ledar da araha fiye da mai sayen ɗaya mai sanyi a bakin danja. Farashin kuma yana canzawa da sauri, waɗanda suka manyanta sun san lokacin da leda take naira biyar. Don misali ta ɗauka jaka naira 400 ce a shago, leda ta kama naira 20, ta ɗai-ɗai kuma naira 30. Miliyan 3 na gida sau 20, naira miliyan 60. Sauran miliyan 2.5 sau 30, naira miliyan 75. Jimla naira miliyan 135 a rana, kusan biliyan 50 a shekara. Amma wannan kuɗin da masu sha ke biya ne, a ciki akwai ribar mai shago da ta yarinyar da ke talla da kuɗin ƙanƙara. Idan masana'anta na sayar da jaka naira 300, abin da ke isa hannun masu yin ruwan naira miliyan 82.5 ne a rana, wajen biliyan 30 a shekara. Ga wanda ke son kafa masana'anta, biliyan 30 ce kasuwarsa. Mai nazarin da ya ba shi biliyan 50 ya lissafa masa kuɗin da ba zai taɓa shiga aljihunsa ba.

Tambayar da, a ganina, ta fi raba gwani da ɗan koyo ita ce wadda ke zuwa a ƙarshe: "A cikin zace-zacen nan naki, wanne ne kika fi shakka?" Amsa mai kyau ba "duka" ba ce. Ana neman wanda ya haɗa abu biyu, rashin tabbas da nauyi a kan amsa. Girman leda tabbas ne. Yawan jama'a zai iya sauka da kashi 20 cikin 100, amsar ta sauka daidai da haka. Amma kashi 20 na gidajen da ke dogaro da ruwan leda, shi ne aka ciro daga iska, kuma shi ke ɗauke da fiye da rabin jimlar. Idan gaskiyarsa kashi 10 ce, jimlar za ta koma miliyan 4 da ɗan wani abu. Idan kashi 30 ce, za ta doshi miliyan 7. Don haka amsar gaskiya ita ce: tsakanin miliyan 4 da miliyan 7, na tsaya a 5.5, kuma da za a ba ni mako ɗaya, wannan kason zan fara bincikawa. Ta ina? Binciken gidaje da hukumomin ƙidaya da ƙididdiga ke yi yana tambayar mutane inda suke samun ruwan sha, kuma ruwan leda na cikin amsoshin da ake zaɓa. Hukumar NAFDAC tana yi wa masana'antun rajista, ko da yake ba duk mai inji ne ke da rajista ba. Masu sayar da nadin leda ma sun san kilo nawa suke fitarwa a wata, kuma daga nauyin leda ana iya gano yawan ƙullin da aka yi da ita.

Wannan kason kuma shi ne inda tashin mutum ke yaudararsa. Wanda ya girma a gidan da ba a taɓa shan ruwan randa ba zai ce kashi 70. Wanda ya girma inda ake ganin fiya wata ruwan baƙo ne zai ce kashi 5. Kowa yana auna gari da layinsu. Maganinsa a zagaya unguwanni a zuci, Nassarawa da Kurna da Rijiyar Lemo da Ɗorayi da cikin Birni, a tambayi kai yadda ake sha a kowacce. Yanayi ma haka: abin da ake sha a zafin Afrilu ba shi ake sha a hunturun Janairu ba, kuma a watan azumi cinikin rana yana komawa bayan magariba. Wanda ya ninka ranar zafi da 365 ya kumbura shekararsa.

Hanyar tana ɗan sauyawa idan hajar ba mai ƙarewa a rana ba ce. Da an ce wayar hannu nawa ake sayarwa a Kano a shekara, ƙirga masu waya bai isa ba, domin mai waya ba ya sayen sabuwa kowace shekara. Idan mutum miliyan 2.4 ke da waya kuma kowa yana canzawa bayan shekara uku, cinikin shekara 800,000 ne, sai a ƙara masu sayen ta farko, a kuma ware sabuwa da ta hannu da ake juyawa a Farm Centre. Rikita abin da ke hannun mutane da abin da ake sayarwa a shekara ya kayar da mutane da yawa. Wata hajar kuma ba a fara ta daga yawan jama'a. Tayar adaidaita sahu daga yawan baburan ake farawa, taki kuma daga faɗin gonaki.

Akwai masu sukar irin waɗannan tambayoyi, kuma suna da hujja. A 2013 Laszlo Bock, wanda ke shugabantar sashen ma'aikata na Google a lokacin, ya shaida wa jaridar New York Times cewa kamfanin ya gano tambayoyin wasa ƙwaƙwalwa, irin su ƙwallo nawa za ta cika jirgin sama, ɓata lokaci ne kuma ba sa nuna wanda zai iya aiki. Gaskiya ne kuma cewa wanda ya samu littattafai irin na Marc Cosentino da Victor Cheng, ya samu abokin da zai riƙa gwadawa da shi, ya fi wanda bai taɓa jin labarin abin ba, ko da na biyun ya fi shi kaifin tunani. Kamfanonin ba da shawara dai sun riƙe ƙiyasin kasuwa, domin a wurinsu shi ne ainihin aikin, kuma galibi suna saka shi ne a cikin babbar matsala: wani kamfani ribarsa na raguwa, ko yana son shiga sabon gari, sai girman kasuwa ya zama mataki ɗaya a hanyar yanke shawara.

Shi ya sa zaman ba ya ƙarewa a kan lamba. Mai intabiyu zai ce wani Alhaji na son kafa masana'anta ya kama kashi 5 cikin 100 na wannan kasuwa a shekarar farko, me za ki ce masa? Kashi 5 na jaka 275,000 jaka 13,750 ce a rana. A lissafin da aka yi ɗazu, inji 23 ke nan da mota 15, daidai da masana'anta 11 ko 12 masu inji biyu-biyu. Ruwa kuma kaya ne mai nauyi mai arha, jakar kilo 10 kuɗinta naira 300, don haka idan mota ta yi nisa man dizal ke cinye ribar, kuma masana'antar da ke Ungogo zai yi wuya ta yi gogayya da wadda ke Kumbotso a ƙofar gidanta. Kasuwar da Alhaji zai iya isa gare ta ita ce ta unguwannin da motarsa ke kaiwa ta dawo da riba. Idan suka kai ɗaya bisa huɗu na birnin, jaka wajen 69,000 ke nan a rana, kuma 13,750 da yake so kashi 20 ne cikin 100 na wannan yanki, wanda sai ya ƙwato shi daga hannun masu ruwan da tuni suka saba da masu shagunan wurin. Sai ta ba shi shawara ya fara da inji huɗu ko biyar, jaka 2,400 zuwa 3,000 a rana, wato wajen kashi 1 cikin 100 na birnin, ya ga yadda shaguna za su karɓa a zafi ɗaya da hunturu ɗaya kafin ya ƙara.